Juya digiri, minti da sakan zuwa digirin desimal kafin auna nisa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, an ba mu aikin auna nisa tsakanin wurare biyu. Na farko a Kano yake, 11°59′42″N 8°31′12″E. Na biyu a Damagaram, 13°48′18″N 8°59′24″E. Na shigar da su Excel a matsayin 11.5942 da 8.3112, sai 13.4818 da 8.5924, na samu kilomita 212. Abokaina sun samu 207.6. Tun da bambancin bai kai kilomita biyar ba, shin ba laifin na'ura ba ne kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Na'urarka lafiyarta ƙalau, kuma abokanka ne suke kan daidai. Ɗigon da ka sa a gurbin alamar digiri shi ne ya canza lambobin gaba ɗaya.

Digiri ɗaya minti 60 ne, minti ɗaya kuma sakan 60, wato digiri ɗaya sakan 3600 ke nan. Wannan ƙidaya ta sittin-sittin gadon mutanen Babila ce, kuma ita ce muke bi a agogo har yau. Amma duk abin da ya biyo bayan ɗigo a Excel ko a kalkuleta, da goma-goma ake ƙirga shi. Idan direba ya ce maka tafiyar awa ɗaya da minti 30 ce, ka san awa ɗaya da rabi yake nufi, kuma rabi a desimal 0.5 ne, ba 0.30 ba. Haka yake a nan. Da ka rubuta 11.5942, Excel ya ɗauka digiri 11 ne da ɗan abin da ya haura rabi, alhali minti 59 saura ƙiris ya cika digiri na 12.

Hanyar juyawa ɗaya ce. Ka bar digiri yadda yake, ka raba minti da 60, ka raba sakan da 3600, ka tara ukun. Mu gwada da latitud ɗin Kano da aka ba ka. Minti 59 a raba da 60 ya ba da 0.983333. Sakan 42 a raba da 3600 ya ba da 0.011667. A haɗa su da 11, an samu 11.995. Longitud ɗinsa ma haka: minti 31 ya zama 0.516667, sakan 12 ya zama 0.003333, jimla 8.520. Idan ka bi na Damagaram da kanka za ka samu 13.805 da 8.990. A Excel ya fi kyau ka ware digiri, minti da sakan kowanne da gidansa, sannan ka rubuta:

```
=A2+B2/60+C2/3600
```

Kalkuletar kimiyya ma tana da maɓalli mai alamar °′″. Ka shigar da digiri ka danna shi, ka shigar da minti ka danna, sakan ma haka, ita za ta juya maka.

Kafin a kai ga doguwar dabara, ina so ka saba da auna nisan da hannu, domin ta haka ne za ka gane idan na'ura ta ba ka amsar da ba ta shiga hankali. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111.2 ne a ko'ina. Tsakanin 13.805 da 11.995 akwai digiri 1.810, wato kilomita 201.3 daga kudu zuwa arewa. Longitud kuwa yana da nasa hali, saboda layukansa suna matsowa kusa da juna yayin da ake nufar ƙuryar arewa ko ta kudu. Don haka sai an ninka da kosain na latitud ɗin da ke tsakiyar wuraren biyu. A nan tsakiyar 12.9 ce, kosain ɗinta 0.9748, digirin longitud ɗaya ya koma kusan kilomita 108.4. Bambancin longitud 0.470 ne, ya ba da kilomita 50.9 daga yamma zuwa gabas. Ka ninka 201.3 da kansa, ka ninka 50.9 da kansa, ka tara, ka fitar da tushen jimlar: kilomita 207.6. Ga amsar abokanka ta fito.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne yadda ƙanƙantar bambancin ta kwantar maka da hankali. Kilomita huɗu da rabi a cikin ɗari biyu da 'yan kai, kowa zai ce ba komai. To amma duba inda lambobinka suka kai kowane wuri. Wurin Kano ka janye shi kudu da kilomita kusan 45, ka janye shi yamma da kusan 23, ya bar birnin gaba ɗaya. Na Damagaram ka janye shi kudu da kusan 36, yamma da kusan 43. Dalilin da ya sa amsarka ta zo kusa da gaskiya shi ne duka biyun sun gusa gefe ɗaya, kudu maso yamma, sai kuskuren wannan ya rufa wa na wancan asiri. Sa'a ce kawai, ba lissafi ba. Wannan kuskure kullum rage lamba yake yi, kuma yawan ragin ya dogara da yawan mintin: idan minti da sakan sifili ne babu ragi, idan minti ya kai 59 ragin ya kai kusan kilomita 45.

Kano ma wuri ne da wannan kuskure yake fitowa fili, domin layin digiri 12 na arewa ta cikin birnin ya ratsa. A ce an ba ka rijiyoyin burtsatse biyu a kan longitud ɗaya, ta farko a 11°59′42″, ta biyu a 12°00′18″. Tsakaninsu sakan 36 ne, digiri 0.01, kilomita ɗaya da mita ɗari, tafiyar ƙafa. Idan ka bi hanyarka sai ka ɗebe 11.5942 daga 12.0018, ka samu 0.4076, ka ce kilomita 45 ne tsakaninsu. Wanda yake ƙiyasta tsawon bututu ko wayar lantarki da irin wannan lissafi ya shiga uku.

Akwai alamar da nake dubawa duk lokacin da aka miƙo mini jerin lambobi masu ɗigo ban san wanda ya shigar da su ba. Nakan bi lambobi biyu na farko bayan ɗigo daga sama har ƙasa. A desimal na gaskiya za ka ga 73, 88, 95 suna fitowa jefi-jefi. Idan jerin yana da tsawo, wuraren kuma a warwatse suke, amma ba wanda ya haura 59, haka ma lamba ta uku da ta huɗu ba su taɓa haura 59 ba, to minti da sakan ne aka sa wa ɗigo. Sannan ka ɗauki wuri ɗaya da ka sani da ido, ka liƙa lambobinsa a Google Maps, ka ga ko ya faɗa inda ya dace. Latitud ake fara rubutawa a can, sannan longitud.

Ka kuma kula da wani salo na uku da na'urorin GPS na hannu suke yawan nunawa, wato digiri da minti mai ɗigo, babu sakan. Latitud ɗinka na Kano a wannan salo 11°59.700′ ne. Wannan .700 ba sakan 70 ba ne, kashi bakwai cikin goma ne na minti. Sai ka raba 59.700 gaba ɗayansa da 60, ka samu 0.995, ka haɗa da 11.

Sai batun alama. Arewa da gabas ba a sa musu komai, kudu da yamma ana sa musu alamar ɗebewa. Mu a Najeriya da Nijar arewa muke kuma gabas, shi ya sa ɗalibai suke mantawa da wannan har sai ranar da aka ba su wuri a Ghana. Kumasi tana wajen 1°37′W. Daidai shi ne ka gama tarawa tukuna, ka samu 1.6167, sannan ka sa alamar a kan duka: −1.6167. Wanda ya rubuta −1 a gidan digiri ya ƙara masa 37/60 zai samu −0.3833, ya janye garin gabas da fiye da kilomita 130. Accra ta fi haka wuyar sha'ani, domin tana wajen 0°12′W, kuma sifili ba ya riƙe alamar ɗebewa a Excel. Mafita ita ce ka ajiye harafin a gida na huɗu:

```
=IF(OR(D2="S",D2="W"),-1,1)*(A2+B2/60+C2/3600)
```

Kada ka yi gaggawar yanke lambobin bayan ɗigo. Sakan ɗaya na latitud kusan mita 31 ne. Lamba ta huɗu bayan ɗigo mita 11 take wakilta, ta biyar mita ɗaya da ɗan kai. Idan an ba ka sakan cikakke, lamba biyar ta ishe ka. Idan ka tsaya a biyu, kowane wuri zai iya gusawa da rabin kilomita tun ba a fara lissafi ba.

Da zarar lambobin sun zama desimal, sai ka ba dabarar `haversine`, wadda take lissafi a kan doron ƙwallo. A wani shafin ka jera latitud da longitud na wuri na farko a A da B, na biyu a C da D:

```
=2*6371*ASIN(SQRT(SIN(RADIANS(C2-A2)/2)^2+COS(RADIANS(A2))*COS(RADIANS(C2))*SIN(RADIANS(D2-B2)/2)^2))
```

Kar ka cire `RADIANS` daga ciki. `SIN` da `COS` na Excel radiyan suke karɓa, wato wani ma'aunin kusurwa daban, ba digiri ba, kuma ba za su yi maka gargaɗi ba idan ka ba su digiri. Lambar 6371 kuwa matsakaicin nisa ne daga tsakiyar duniya zuwa doronta a kilomita. Da lambobinka za ta ba da 207.6, daidai da abin da muka samu da hannu.

Idan ka gwada a manhajar taswira irin QGIS ka ga wajen 206.6, kada ka ce an sake yin kuskure. Duniya ba cikakkiyar ƙwallo ba ce, ta ɗan kumbura a tsakiya, kuma a yankinmu digirin latitud ya fi kusa da kilomita 110.6. Wannan bambanci na kusan rabin kashi cikin ɗari na dabarar ne, ba na juyawa ba. Duka amsoshin biyu nisa ne a miƙe, hanyar mota daga Kano zuwa Damagaram ta fi haka tsawo. Kuma idan wata rana ka karanto wuri ɗaya daga tsohuwar taswirar Najeriya mai ma'aunin Minna, ɗayan daga GPS mai ma'aunin WGS 84, raba minti da 60 ba zai daidaita su ba. Akwai gocewar mita gommai tsakanin ma'aunan biyu, sai ka mayar da su kan ma'auni ɗaya a manhajar taswira kafin ka auna.