Yaya zan gaya wa dattijo rubutunsa bai yi ba?

Tambaya: Ni ce sabuwar editar shafin noma a wata mujalla. Wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ya girme wa mahaifina, ya aiko da maƙala kan tsadar takin zamani. Kalma 1,600 ce alhali shafin ba ya ɗaukar fiye da 800, kuma gaskiya ba za ta bugu a haka ba. Har ya zargi shugaban ƙungiyar manoman garinsu da karkatar da taki. Yau mako biyu ina jujjuya amsa. Yaya zan faɗa masa ba tare da na ci masa fuska ba?

Amsa: Malama, shirun mako biyun nan ya fi duk abin da za ki rubuta zafi, domin shi yana can yana duba kowace fitowa ko zai ga sunansa. Ki amsa masa a makon nan.

Amma kafin ki taɓa alƙalami, ki yanke hukunci tsakaninki da kanki: maƙalar nan gyaruwa za ta yi, ko ba ta da magani? Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ki sake karanta ta, ki nemi wuri ɗaya da ya faɗi abin da ba kowa ne zai iya faɗa ba, abin da ya gani da idonsa ko ya ji daga bakin mai shi. Idan akwai, gyara za ki nema. Idan babu, daga farko har ƙarshe ƙorafi ne da kowa ke yi a majalisa, to ki ce masa ba za a buga ba, kada ki sa shi wahalar gyaran abin da kin san ba za ki karɓa ba. Yawancin wasiƙun editoci da ke ɓata zumunci daga nan suke lalacewa: edita bai tsayar da magana ba, sai ya fake da "za mu duba", marubuci kuma ya ɗauka an karɓa.

Mu ɗauka kin samu. A ce a sakin layi na bakwai ya ba da labarin wani manomi da ya saba zuba buhu huɗu a gonar masararsa, bana buhu ɗaya ya iya saye, ya cika da takin gargajiya. To ga maƙalar nan a binne. Ga irin wasiƙar da zan rubuta:

"Assalamu alaikum Baba Malam. Da fatan kana lafiya, da iyali. Na gode da maƙalar da ka aiko, kuma a gafarce ni da jinkirin amsa.

Ba za mu iya buga ta yadda take ba, amma akwai abin da nake so ƙwarai a cikinta. Labarin manomin da ya koma buhu ɗaya, a sakin layi na bakwai, shi ne ƙashin bayan rubutun. Ina roƙon a fara da shi, a cire sakin layi uku na farko da ke bayanin muhimmancin noma, domin masu karanta shafin manoma ne, sun riga sun sani. A ƙara mana bayani a kansa: wane taki ya saya, NPK ko yuriya, nawa ya sayi buhu bara, nawa bana, a wace kasuwa, kuma yaya masarar ta yi?

Na biyu, wurare uku an ce 'masana sun bayyana'. A faɗa mana wane ne, ko malamin gona ne na yankin, ko a cire.

Na uku, zargin da aka yi wa shugaban ƙungiya ba zai shiga ba sai da hujja a hannu, kuma sai an ji ta bakinsa. Wannan ƙa'idar mujalla ce a kan kowa.

Shafin kalma 800 yake ɗauka. Idan gyaran ya iso kafin ranar 20 ga wata, zan karanta shi domin fitowa mai zuwa. Allah Ya ƙara girma."

Ki lura da inda hukuncin ya zauna: nan da nan bayan gaisuwa. Mu Hausawa muna da kara, kuma gaisuwa haƙƙinsa ce, kada ki tauye ta. Sai dai kara ta tsaya a gaisuwa da lafazi, kada ta shiga cikin hukuncin. Idan kika jera yabo sakin layi biyu sannan kika saƙala "sai dai" a ƙarshe, yabon zai riƙe, ya aiko miki da ita jibi ya canza kalma biyar. Shi ya sa yabon da ke cikin wasiƙar guda ɗaya ne, kuma yana da adireshi: sakin layi na bakwai. "Rubutunka ya yi ma'ana" ba ya amfanar da shi da komai. Amma idan kika nuna masa wurin da ya yi daidai, ya san kin karanta, kuma ya san irin abin da zai ƙaro.

Ki kuma lura da "a cire", "a faɗa mana", "an ce". Harshen ya ba mu wannan hanya ta yi wa babba umarni ba tare da nuna shi da yatsa ba, kuma tana ɗora laifin a kan takarda maimakon a kan mutum. "Ba ka iya gabatarwa ba" hukunci ne a kan dattijo. "A cire sakin layi uku na farko" aiki ne da zai iya yi da yamma ɗaya.

Na san maƙalar na da wasu kurakuran, wataƙila ya raba "yana" ya rubuta "ya na", ko wayarsa ba ta sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ. Kada ki ambace su yanzu. Rabin jimlolin za su fita in ya rage tsawon, sauran kuma aikinki ne a teburin tacewa. Tsohon malamin makaranta da aka mayar wa takarda cike da jan biro a kan ƙa'idojin rubutu, wannan kaɗai zai gani, manyan gyare-gyaren uku su bi ruwa.

Batun zargin nan ne kawai ba na sassautawa ko kaɗan. In aka buga cewa wani ya karkatar da taki babu hujja, ba marubucin kaɗai za a iya kai wa kotu kan ɓata suna ba, har da mujallar. Ko an cire sunan, "shugaban ƙungiyar manoman gari kaza" mutum ɗaya ne, kowa ya san shi. Idan Malam ya ce ai duk gari an sani, ki tambaye shi: akwai takardar rabon? Akwai wanda aka rubuta sunansa bai samu ba, kuma ya yarda a ambace shi? An tuntuɓi shugaban? In babu, sakin layin ya fita, sauran maƙalar ta tsaya da ƙafarta.

Akwai jarabar da za ta zo miki, ta ki zauna ki sake rubuta masa ita da kanki don gudun wannan wasiƙa. Kada ki yi. Ba ki san farashin buhu a kasuwarsu ba, ba ki ga gonar ba, kuma zai ga sunansa a kan maganar da ba tasa ba. Wata mai zuwa ma irin ta farkon zai sake aikowa.

Tunda ya girme ki haka, bayan kin tura wasiƙar ki buga masa waya ki gaishe shi, ki ce kin aika da saƙo. Amma gyaran ya kasance a rubuce, domin a waya kunya za ta sa ki janye rabin maganar. Kuma ki riƙe lafazin "zan karanta", kada ya zame ya koma "za mu buga". Idan gyaran ya dawo ya cika sharuɗɗa biyu amma bai cire zargin ba, ki mayar masa da layi biyu kacal a kan wannan sakin layin, tare da sabuwar rana.