Ban haƙuri ga amini: yadda ake mayar da shi Hausa ba tare da saƙon ya yi sanyi ba

Malam, mun yi faɗa da aminina a kan bashin sidi 1,500, har na ce masa maƙaryaci a gaban mutane wurin suna. Na rubuta ban haƙuri da Turanci, wani ya mayar mini Hausa: "Ina baƙin ciki game da abin da ya faru. Ban yi nufin cutar da kai ba. Ina daraja abotarmu." Na karanta, na ji ba ni ba ne. Ina matsalar take? (Daga Aboabo, Kumasi)

Wanda ya yi maka fassarar bai yi kuskuren kalma ko ɗaya ba, amma kada ka aika da ita. Bature in zai ba da haƙuri, halin da zuciyarsa ke ciki yake bayyanawa, wannan kuma ya wadatar a wurinsu. Bahaushe kuwa laifin yake ambata da sunansa, sannan ya roƙi wani abu daga wanda ya ɓata wa. Saƙonka babu ambaton laifi, babu roƙo, shi ya sa ka ji ya yi sanyi.

Dubi jimlar farko. "Baƙin ciki" na wanda aka yi wa ne, ko wanda ya yi rashi, kuma a bakin mutane yana ɗaukar ma'anar hassada. Abokinka zai karanta ya ce, au, kai ne ma mai baƙin cikin? "Abin da ya faru" kuma ya fi komai muni, domin ya cire ka daga cikin maganar, kamar abin daga sama ya faɗo. Kai ka faɗa, da bakinka, a gaban jama'a. Sai ka rubuta: "Maganar da na gaya maka ranar suna, ban kyauta ba." Kalmar "ban kyauta ba" ta fi "na yi kuskure" dacewa a nan, don kuskure abu ne da ake yi ba da gangan ba, kamar mutum ya zarce gidan da zai shiga. Wanda ya kira amininsa maƙaryaci ya san abin da yake faɗa.

"Cutar da kai" ma ba ita ba ce. Cuta a bakinmu zalunci ne ko zamba. Abin da ka yi masa shi ne ka ci masa fuska, ka kunyata shi a idon mutane, kuma wannan ne ke ci masa rai, ba sidi 1,500 ba. "Ina daraja abotarmu" kuwa a jawabin taro ake jin ta. Amini ba ya gaya wa amini haka, sai dai ya tuna masa abin da ke tsakani.

Sai roƙon, kuma nan ne nake da ƙorafi da matasanmu na zango, daga Asawase har Nima. "Sori" ta cinye komai. An taka ka, sori. Ka yi tuntuɓe, sori. An yi maka mutuwa, sori. An zage ka, sori. Alhali Hausa ta raba wa kowanne kalmarsa. "Sannu" jaje ce, babu amsa laifi a cikinta. "Yi haƙuri" roƙo ne cewa mutum ya danne zuciyarsa, kuma da ita ake ta'aziyya, da ita ake sallamar almajiri, da ita mai rabon faɗa ke shiga tsakani, saboda haka ita kaɗai ba ta nuna ka yarda kai ne da laifi ba. "Ka yafe mini" ita ce mai nauyi, domin ba a yafe abin da babu. Duk wanda ya faɗe ta ya amsa cewa akwai haƙƙin wani a wuyansa, yana roƙo a sauke masa. "Ka gafarce ni" da "na tuba" sun fi dacewa da iyaye da malamai, tsakanin sa'o'i kuma suna iya fitowa kamar ba'a. Ku na Kumasi kuna jin Asantawa na cewa "kafra" in sun bangaji mutum a Kejetia, wadda masana ke danganta ta da "gafara" tamu. Tana da kyau a hanya, amma ba ta ɗaukar laifi irin wannan. "Ina neman afuwa" daidai ce, sai dai ta fi zama a sanarwar rediyo.

Ga yadda zan shirya maka shi, ka fara da sunan da ka saba kiransa da shi, ko da na tsokana ne:

"Salamu alaikum, ɗan'uwa. Wallahi tun ranar suna abin nan ya tsaya mini a rai, ko waya na ɗauka zan kira ka sai kunya ta hana ni. Maganar da na gaya maka a gaban mutane ban kyauta ba, na ci maka fuska, kuma ba ka cancanci haka daga gare ni ba. Ni da kai mun wuce nan. Don girman Allah ka yi haƙuri, ka yafe mini. Zan zo gida bayan Isha'i in kana nan."

Lura da inda zafin ya koma. Ba a ce "ina jin nadama ƙwarai da gaske" ba, an nuna abin da nadamar ta hana ka yi. Tara "sosai" da "matuƙa" ba ya ƙara wa saƙo zafi, "wallahi" guda a farko ta ishe ka, in har gaskiya ce. In ba ka ɗauki waya ka fasa ba, cire wannan wurin ka sa abin da ya same ka da gaske, tunda rantsuwa ce. Zancen kuɗin kuma kada ya shiga ko da kalma ɗaya. Da zarar ka rubuta "amma kai ma", ka koma shari'a. Bashi yana nan, a yi maganarsa wata rana.

Da yake a gaban mutane ka yi, saƙon waya share fage ne kawai. Ka je da ƙafarka, in da hali ka janye maganar a gaban wasu daga cikin waɗanda suka ji ta. Kada ka ja lokaci: hadisin Abu Ayyub al-Ansari da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3, ya kuma ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama.

Zan iya sa karin magana a ciki, kamar "tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa"? (Daga Mamobi, Accra)

Karin maganar daidai take, bakin da za ta fito ne ba daidai ba. Ita da "zo mu zauna, zo mu saɓa" na dattijo mai sulhu ne, ko na wanda aka ɓata wa in yana so ya sauƙaƙa maka. In mai laifi ya faɗe su, ya rage wa laifinsa nauyi da kansa tun ba a rage masa ba. Wadda ta dace da bakinki ita ce "magana zarar bunu ce", don tana amsa cewa abin da ya fita ba ya komawa. Ita ma sau ɗaya, kuma bayan kin ambaci laifin.

"Sharrin Shaiɗan ne" ban haƙuri ne?

Bar wa wanda ka yi wa ya faɗa. In kai ka fara, ka ɗora wa wani laifinka.

Ƙawata ta amsa da "ba komai" kawai. Ta yafe ke nan? (Daga Sabon Zango, Accra)

Ba lalle ba. "Ba komai" tana iya zama rufe zance. Wadda ta huce takan ƙara da "ya wuce", ko "na yafe miki, Allah ya yafe mana baki ɗaya", sau da yawa ma ta ce "ni ma ki yafe mini". In kalma biyun nan kaɗai kika samu, ki bar rubutu, ki kira ta ko ki je.