Kafaɗa na lotsewa idan an ɗaga hannu a Blender

"Idan na ɗaga hannu digiri 90 sai kafaɗar ta lotse, na gaji da gyaran nauyi. Mene ne mafita?"

Malam, nauyi ba zai iya ba. Armature yana raba kowane ɗigo na gaɓar tsakanin ƙasusuwan da ke jan sa, sai ɗigon ya faɗa ciki, tudun kafaɗa ya ɓace. Ka ɗaga hannun, ka ƙara Shape Key bayan na Basis, ka kunna Edit Mode da On Cage a modifier na Armature, sannan ka dawo da tudun a wannan tsayuwar. Kada ka yi Apply as Shape Key, lanƙwasar za ta ninku.

Wajen Driver, wanda zai riƙa kunna Shape Key ɗin idan hannu ya ɗagu, ake yawan tuntuɓe. Kusurwar Euler guda ɗaya takan yi tsalle idan hannu ya yi gaba da sama lokaci guda. Gara ka kwafi ƙashin dantse, ka kashe masa Deform, ka ajiye shi a digiri 90, ƙashin kafaɗa ya zama Parent ɗinsa. A Driver ɗin, zaɓi Rotational Difference tsakaninsa da ƙashin dantse mai Deform, sannan ka rubuta wannan a Expression:

```
max(0, 1 - var / radians(60))
```

Gyaran zai fara daga digiri 30, ya cika a 90. Sai dai murɗa dantse ma yana shiga lissafin, don haka idan tudun ya ragu lokacin murɗawa, daga nan ne.