Izinin da aka bayar aka janye cikin minti takwas: me rajista za ta nuna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne mai kula da kwamfutocin wani kamfanin casar shinkafa a Birnin Kebbi, ma'aikatanmu kusan 60 ne, duk suna shiga ta Active Directory. Manhajar da muke biyan masu kawo mana shanshera tana duba rukunin da mutum yake ciki kafin ta bar shi ya amince da biyan kuɗi. Masu binciken kuɗi sun gano an amince da biya uku da asusun wani ma'aikacin sito, amma da na duba rukunin babu sunansa. Me ya kamata in riƙa adanawa kan sauyin izini, kuma ta yaya zan gane izinin da ba a bayar bisa ƙa'ida ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Jerin sunayen da ka buɗe yana nuna waɗanda ke cikin rukunin a daidai lokacin da ka duba, ba ya faɗa maka wanda ya shiga makon jiya ya fita. Mai niyyar ɓarna ya san haka, shi ya sa ba ya barin suna a ciki. Zai saka, a yi aikin, ya cire. Don haka abin da za ka adana shi ne kowane sakawa da kowane cirewa, kowanne da lokacinsa.

Windows yana rubuta waɗannan a rajistar `Security`, kowane irin sauyi da lambarsa. Idan aka saka mutum a rukuni irin `Global`, lambar ita ce 4728, cirewa kuma 4729. Rukuni irin `Domain Local`, ko rukunin `Administrators` na kwamfuta guda, 4732 ne da 4733. Na `Universal` kuma 4756 da 4757. Fara tabbatar da cewa ana rubuta su:

```
auditpol /get /subcategory:"Security Group Management"
```

In ba ka ga `Success` ba, ka kunna shi ta Group Policy, domin abin da ka kunna da hannu a saba ɗaya, Group Policy ɗin na iya zuwa ya share shi. Kuma ka sani, sauyin rukunin Active Directory yana rubutuwa ne a `Domain Controller` ɗin da aka yi shi a kai kawai. Wanda ke da biyu ya duba ɗaya, rabin labari ya karanta.

Kowane layi mai amfani dole ya amsa tambayoyin da za a yi maka ranar da magana ta tashi. Wa ya yi sauyin, wa aka yi wa, wane iko ne, yaushe, daga wace na'ura, me yake da shi kafin nan kuma me ya samu bayan nan. Windows na ba ka na farkon a sashen `Subject`, `Member` da `Group`. A nan ka riƙe lambar `SID` tare da suna, kada ka dogara da suna shi kaɗai. Ana iya sauya wa asusu suna, lambar ba ta sauyawa. Ana kuma iya goge asusu a buɗe sabo da tsohon suna, lambar ta fito daban. Wani lokaci ma, a 4732 na kwamfuta guda, wurin sunan wanda aka saka yakan fito da ɗan layi kawai, sai lambar ce za ta gaya maka ko wane ne.

Akwai abu biyu da Windows ba zai taɓa rubuta maka ba: dalilin ba da izinin, da wanda ya amince a bayar. Su ne kuma masu binciken kuɗi suka fi so. Wannan aikinka ne. Ka sa kowane neman izini ya zo da takarda ko saƙon imel mai lamba, manajan sashen ya sa hannu, a rubuta ranar da izinin zai ƙare in na wucin gadi ne, kamar na ma'aikatan da ake ɗauka lokacin girbi. In manhajar biyan kuɗin tana da nata izinin na ciki, ka ce wa wanda ya rubuta ta ya sa ta riƙa fitar da layi irin wannan, har da yunƙurin da aka ƙi amincewa da shi:

```
{"lokaci":"12:41:07Z","mai_yi":"it.tallafi","aka_yi_wa":"sito02",
 "kafin":["duba"],"bayan":["duba","amince_biya"],
 "ip":"10.0.2.37","takarda":null,"sakamako":"ok"}
```

A ainihin rajistar, sai a sa cikakkiyar rana a gaban lokacin. Kalmar sirri kuwa ba ta shiga rajista ko kusa.

Bari mu bi misali irin naka daki-daki. A ce rukunin masu amincewa da biya sunansa `Amince-Biya`, irin `Global` ne. Ka jawo sauye-sauyen kwana talatin:

```
Get-WinEvent -FilterHashtable @{LogName='Security';
  Id=4728,4729,4732,4733,4756,4757;
  StartTime=(Get-Date).AddDays(-30)}
```

Sai ka ga 4728 ranar wata Juma'a: `it.tallafi` ya saka `sito02` a rukunin da 12:41. Sai 4729 da 12:49, an cire shi. Kafin ka ce komai, tambayi kanka wane agogo ne wannan. Windows yana adana lokaci da agogon UTC, alamarsa harafin `Z` a ƙarshe, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. `Event Viewer` yana mayar maka da shi agogon gida, amma ɗanyen layin da aka tura wata na'ura yakan zauna da na UTC. In 12:41 ɗin na UTC ne, to a Birnin Kebbi biyu saura minti goma sha tara ke nan, lokacin da ofis ya watse an tafi masallaci. Kuskuren awa ɗayan nan ya isa a ɗora wa marar laifi laifi, musamman in za a gwada da littafin maigadi.

Daga nan ka ɗauki `Logon ID` da ke ƙarƙashin `Subject`, ka nemi layin 4624 a wannan sabar wanda lambar ta fito a sashen `New Logon`. Shi zai nuna maka yadda mai sauyin ya shigo. `Logon Type` 3 na nufin ta hanyar sadarwa daga wata kwamfuta, 10 kuma ta Remote Desktop, sannan `Source Network Address` ya ba ka adireshin. In adireshin na kwamfutar ɗakin sikeli ne, alhali mai asusun `it.tallafi` bai taɓa aiki daga can ba, to wataƙila kalmar sirrinsa ce ta faɗa hannun wani. Rajista asusu take kamawa, ba mutum ba, saboda haka ka yi hattara kafin ka kira sunan kowa a gaban manaja. Wannan ne ma ya sa asusun admin guda da mutum uku ke amfani da shi yake lalata bincike gaba ɗaya.

Yanzu ga wurin da ke rikita mutane. Manhajar za ta iya nuna an amince da biyan ne da 13:05, da 13:40, da 14:30 a agogo ɗaya da na rajistar, duk bayan an cire sunan. Za ka ce ai ba zai yiwu ba. Yana yiwuwa. Lokacin da mutum ya shiga, ana ba shi tikitin Kerberos mai ɗauke da jerin rukunonin da yake ciki a wannan lokacin, kuma cire shi daga rukuni ba ya ƙwace tikitin da ya riga ya karɓa. A saitin asali tikitin yana aiki awa 10. Nemi layin 4768 na `sito02`, wato neman tikiti. In ka gan shi da 12:43, tsakanin sakawa da cirewa, ka ga dabarar ke nan: an saka shi, ya shiga ya karɓi tikiti, aka share sawu. In manhajarku tana komawa ta tambayi Active Directory a kowane biya, ƙofar ta rufe nan take; in da abin da ta gani lokacin shiga take aiki, a buɗe take har ya fita. Ka tambayi mai manhajar wanne take yi.

A ganina wannan ita ce alamar da ta fi kowace ƙarfi: sakawa da cirewa na mutum ɗaya a rukuni ɗaya cikin ƙasa da kwana guda, ba tare da takarda ba. Wani lokaci kuskure ne na gaskiya, an danna sunan da bai dace ba aka gyara. Bambancin shi ne ko an shiga da asusun a tsakanin. Wanda aka saka bisa kuskure bai ma san an yi ba.

Sauran alamun sun fi sauƙin gani. Wanda ya ba kansa iko, wato `SID` ɗin `Subject` da na `Member` iri ɗaya. Asusun da aka buɗe yanzu, lamba 4720, bai kwana ba ya shiga rukuni mai ƙarfi. Duk wani shiga `Domain Admins`, wanda lambarsa ke ƙarewa da 512 ko da an sauya masa suna. A kamfani mai mutum 60 wannan abu ne da bai kamata ya faru ba sai da saninka. Sai wanda ya fi ɓoyuwa: a saka rukuni cikin rukuni. Layi ɗaya ne tak a rajista, amma in `Sito-Duka` mai mutum 14 ya shiga `Amince-Biya`, mutum 14 ne suka sami ikon. Daga ranar kuma duk wanda aka ƙara a `Sito-Duka` ya samu, ba tare da sunan `Amince-Biya` ya sake fitowa ba. Idan `Member` rukuni ne, ka buɗe shi ka ƙirga, ka rubuta adadin a takardar. Ka kuma sa ido kan 4724, sauya wa wani kalmar sirri, domin mai wayo ba sai ya ba kansa izini ba, asusun akanta kawai zai karɓe.

Duk wannan ba zai yi amfani ba in rajistar tana zaune a hannun wanda ake bincika. Admin na iya goge ta, abin da zai rage shi ne layi 1102 mai cewa an goge. Yana iya kashe rubutawar, ya bar 4719. Waɗannan biyun ka ɗauke su a matsayin ƙararrawa, a kira ka ko da dare ne. Ko ba mugun nufi ma, rajistar tana da iyaka: a kwamfutar Windows ta yau da kullum megabayit 20 ne a saitin asali, in ta cika sabon layi yana hawa kan tsoho. Duba ranar layi mafi tsufa a sabarka yau ɗin nan, domin in kwanakin da take riƙewa ba su kai ranar biyan nan ba, shaidar ta tafi, in kuma tana nan ka fitar da ita zuwa fayil kafin ka yi komai.

Maganin shi ne Windows Event Forwarding, yana cikin Windows ba sai ka saya ba. Ka ware ƙaramar saba ta riƙa karɓar waɗannan lambobin, kalmar sirrinta a hannun wani daban, misali shugaban binciken cikin gida. Ka ajiye na wata 12, na wata ukun ƙarshe a inda za a buɗe nan take. Ma'aunin PCI DSS ke nan na masu hulɗa da katin banki, kuma ya dace da zagayen binciken shekara. Da yake layukan na ɗauke da sunayen ma'aikata da lokutan aikinsu, dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta shafe su, sai a taƙaita masu karantawa.

Sabar karɓar ka haɗa ta da inbata ko sola tare da babbar sabar, ka kuma duba ƙaramin batirin agogon kowace. Inda ake yawan ɗauke wuta ana komawa janareta, na'urar da batirinta ya mutu takan tashi da lokacin da ba daidai ba. Kerberos yana ƙin shiga in bambancin agogo ya wuce minti biyar, amma bambancin minti uku ba zai hana kowa aiki ba, kuma ya isa ya sa 4768 ya bayyana kamar ya riga 4728. Umarnin `w32tm /query /status` zai nuna maka inda kowace na'ura take karɓar lokacinta. Ka gudanar da shi a kan sabobin biyu da kwamfutar da manhajar biyan kuɗin take kai.