👍 kaɗai ba amsa ba ce ga na gaba da kai

Tambaya: Malam barka da aiki. Ogana a wurin aiki ya turo min dogon saƙo kan wani rahoto da zan kai masa, ni kuma na tura masa 👍 kawai, tun ranar naga kamar ya canza min fuska. Wai laifi ne? Kuma waɗanne imoji ne suka dace da manya ko maganar aiki, waɗanne na abokai ne, waɗanne zan guje wa?

Amsa: Laifi kam ba babba bane, amma ka yi ƙwauron baki. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, wato abin da ke cikin ran mutum a fuskarsa ake karantawa ko bai furta ba. To rubutun waya ba shi da fuska ba shi da murya, shine mutane suka ɗauki waɗannan ƴan hotunan suka sa a gurbin fuskar. Don haka ma'aunin da nake ba kowa guda ɗaya ne, kafin ka danna ka tambayi kanka, da mutumin nan yana tsaye a gabana zan yi masa wannan fuskar ko wannan alamar da hannu? Ka ɗauka ogan ya gama yi maka bayani na minti biyar a ofis, kai kuma ka ɗaga masa babban yatsa ka juya ka fita ko uffan baka ce ba. Abin da ka yi kenan.

Matsalar 👍 ita ce ba ta faɗin abu ɗaya. Tana iya nufin na gani, tana iya nufin na yarda, tana iya nufin aikinka ya yi kyau, kuma tana iya nufin naji ya isa haka. Ta ukun nan ita ce ke ɓata wa manya rai, saboda yabon aiki daga sama yake saukowa, oga shi ke ce wa yaronsa ka yi ƙoƙari, in ta fito daga ƙasa zuwa sama sai ta zama kamar kai ne kake duba aikinsa kana ba shi maki. Da cewa kayi "To ranka ya daɗe, na gani, zan kawo gobe kafin ƙarfe goma" da magana ta ƙare lafiya, in ma kana so ka ɗan sassauta sai ka sa 🙏 ɗaya a ƙarshe. Kalmomi su fara zuwa, hoton ya biyo baya, guda ɗaya ba jere ba.

Kuma kar ka ɗauka maganar ladabi ce kawai. A 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada ta yanke hukunci kan wani manomi da mai sayen amfanin gona ya turo wa hoton takardar yarjejeniya ta waya, ya nemi ya tabbatar masa da ita. Manomin ya tura 👍. Lokacin kai kaya ya yi bai kai ba, farashi kuma ya tashi, da aka je kotu yace shi fa nufinsa yaga saƙon ne kawai, ba wai ya amince ba. Alƙali ya duba yadda suka saba ciniki a baya, ya ga da ma da gajerun amsoshi irin na "to" yake amincewa kuma ya kai kayan, sai yace wannan yatsan ya tsaya a matsayin sa hannu, aka ci shi diyyar sama da dalar Kanada 82,000. Magana zarar bunu ce, bunu shine tsohuwar ciyawar jinka, in ka zaro ɗaya ba ta komawa inda ta fito. In saƙo ya shafi kuɗi ko alƙawari ko ranar kai aiki, rubuta abin da kake nufi da baƙi, in gani kawai kayi kace na gani zan duba. Imel na aiki kuwa ko takardar neman wani abu, ni a ganina kar ka sa ko ɗaya sam.

Inda ake yin ɓarna mafi muni shine ta'aziyya da jaje. Fuskoki masu hawaye suna da yawa kuma a ƙaramin sikirin duk kama suke yi, musamman ga wanda idonsa ya fara rauni. 😂 dariya ce, dariyar da ta kai mutum ga hawaye, duba bakin zaka ga a buɗe yake haƙora a waje, hawayen kuma gefe da gefe suke. Na baƙin ciki shine 😢, baki ya karkata ƙasa hawaye ɗigo ɗaya. Shi 😭 kuka ne sosai amma matasa sun mayar da shi na dariya ma, irin dariyar da ake cewa wayyo cikina, shi yasa bana son sa a wurin rasuwa. Akwai kuma 😪 da mutane ke ta turawa a zaton kuka ne, alhali barci ne, ɗigon nan daga hanci yake fitowa, haka masu zanen katun na Japan ke nuna mai gyangyaɗi. A WhatsApp in ka danne saƙo ka riƙe, jerin da ke fitowa akwai 😂 da 😢 a ciki, fuska ɗaya ce tak a tsakaninsu, yatsa ya ɗan zame shikenan ka yi wa sanarwar mutuwa dariya a gaban guruf gaba ɗaya. Ana iya cirewa in ka sake taɓa shi, amma wanda ya gani ya riga ya gani. Ka rubuta addu'arka da kalmomi, in dole sai ka sa hoto to 🤲 ya fi dacewa, an shigo da shi a 2017, tafin hannu biyu a buɗe sama. Shi 🙏 ya fi tafiya da godiya ko roƙo ko ban haƙuri, duk da wasu addu'a suke nufi da shi.

Da abokai kuwa sarari ne, 😂 🤣 🔥 👏 duk sun shiga, har 💀 da yara ke turawa da nufin dariya ta kashe ni, amma fa tsakaninsu ne, ka tura wa dattijo ƙoƙon kan mutum kaga yadda zai ɗauke ta. ❤️ da 😘 da 😍 ka bar su ga iyali da wanda kuka shaƙu, a ƙarƙashin hoton abokiyar aiki ko matar wani fassara ce zata biyo baya wadda ba kai zaka yi ta ba, 👏 ko "Allah ya sanya alheri" sun wadatar. Sai 🙂 da kake gani kamar salihi, a ƙarshen magana mai zafi gatse yake zama, "na gode da amsar da ka bayar bayan kwana uku 🙂" ai kasan ba godiya bace.

Waɗanda zaka guje wa a ko'ina in ba faɗa kake nema ba: 🖕 zagi ne tsagwaronsa, 🤡 kana ce wa mutum wawa, 🙄 harara ce da ƙosawa, 😏 murmushin mugunta ko na kwarkwasa. Sannan 🍆 da 🍑 da 💦, da yawa suna sa su da zuciya ɗaya, amma a intanet sun daɗe da zama na batsa, ko maganar lambu kake yi gara ka rubuta sunan abin.

Shi kuma ogan naka ba sai ka tsaya dogon ban haƙuri a kan yatsa ba, hakan zai ƙara girmama abin. Saƙo na gaba da ya turo ka amsa masa da cikakkiyar jimla, ka maimaita abin da yake so da lokacin da zaka kawo, ka kuma kawo a lokacin.