Barbarar Bunaji da Firizhiyan a Gombe

"Bunaji huɗu gare ni a Kumo. In yi musu allurar barbara da Firizhiyan?"

Malam, fara da saniya ɗaya, kuma ka tsaya a rabi da rabi, wato rabin jinin Bunaji, rabin na Firizhiyan, shanun turawa masu yawan nono. Bunajinka da ƙyar take ba ka lita 2 a rana. 'Yarta daga Firizhiyan tana iya kai lita 8, amma fa sai da dusa, harawa, kek ɗin auduga da ruwa wadatacce. Idan jinin turawa ya wuce rabi, zafin Maris da Afrilu na kayar da ita. Na ga wata tana haki a inuwa, baki buɗe, ta ƙi cin abinci, nono ya ja baya. Kaska ma ta fi cin ta, don haka ka riƙa duba kunne da hantsa kowane mako. In kiwon daji kaɗai kake yi da rani, bar Bunajinka yadda suke.