Jijiyoyin kai 12: ki karance su a fuska

"Baba Malam, jarrabawa ta matso, kuma jijiyoyin kai 12 ɗin nan sun ƙi zama mani. Na haddace sunayen, amma da an tambayi aikin kowace sai in rikice. Yaya kuka yi a zamaninku?"

Ɗiyata, ajiye littafin tukuna, ki kamo ƙawarki ta ɗakin kwana ki zaunar da ita gabanki. A fuskar mutum ake koyonsu, daga sama zuwa ƙasa, kina gwadawa kina faɗin lamba.

Hanci ɗaya ne, to ta 1 ita ce olfaktori, ta shaƙar ƙamshi. Ta rufe ido, ki toshe mata ƙofar hanci guda, ki kawo kanumfari ko daddawa. Idanu biyu ne, ta 2 oftik, ta gani. Ta 8 kuwa, kwantar da lambar, sai ta yi kama da kunnuwa biyu: ji da daidaiton tsayuwa. Waɗannan ukun saƙo kawai suke kaiwa ƙwaƙwalwa, ba sa motsa komai.

Juya ƙwayar ido aikin 3, 4 da 6 ne. Ta 6 ke jan ido waje, wajen kunne. Ta 4 ke kai shi ƙasa ta gefen hanci, shi ya sa mai matsalarta ke gani biyu-biyu in zai sauka matakala. Sauran duk na ta 3 ne, har ɗaga fatar ido da tsukewar baƙin ido in kin haska tocila.

Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne 5 da 7, don duk a fuska suke. Biyar ke ji da tauna, bakwai ke murmushi. Shafa mata auduga a goshi, kunci da haɓa, rassan ta 5 ke nan guda uku, sannan ta cije haƙora. Ta 7 kuma ta ɗaga gira, ta runtse ido, ta kumbura kumatu.

Wata rana a nan Katsina an kawo mana wani dattijo bakinsa ya karkace, 'yan uwa na ta kuka wai shanyewar ɓarin jiki ce. Na ce ya ɗaga gira. Goshin hagu bai tattare ba, idon hagu ya ƙi rufuwa, hannu da ƙafa kuwa lafiya lau. Wannan jijiya ta 7 ce kanta ta samu matsala. Da goshin ya tattare duka gefe biyu, baki kaɗai ya karkace, to daga ƙwaƙwalwa abin yake, sai kiran likita a guje.

Saura sauƙi ne. Ta ce "aa", ta haɗiye ruwa: 9 da 10. Ta ɗaga kafaɗu kina dannewa: 11. Ta zaro harshe: 12, kuma in jijiyar ta lalace harshen yana karkata ne zuwa gefen da ciwon yake.

Ki yi zagayen nan sau biyu kullum, sannan ku yi musaya, ita ma ta gwada a kanki.